Malam ya soke min maki a gaban ɗalibai, wai bayan "said" dole komai ya ja baya

Assalamu alaikum Anti, don Allah a sakaya sunana. Ni sabuwar malama ce, ina koyar da Turanci a aji biyar na wata sakandare mai zaman kanta. Na ba yara tes a kan yadda ake ruwaito maganar wani, to akwai wata yarinya mai ƙoƙari da na ba ta cikakken maki a tambayoyi uku. Ta farko "Abuja is the capital of Nigeria," the teacher said, ita kuma ta rubuta "The teacher said that Abuja is the capital of Nigeria." Ta biyu "I will come tomorrow," the driver said, ta rubuta "The driver said that he will come tomorrow." Ta uku "I lost my phone yesterday," she said, ta rubuta "She said that she lost her phone yesterday." Shugaban sashenmu, wanda dattijo ne kuma ni kaina ya koyar da ni ina ƙarama, ya duba takardun sai kawai ya shigo ajin ina tsaye ya sa jan biro ya soke duka ukun, ya ce in dai an ga "said" to dole aikatau ya ja baya, wato "is" ya koma "was", "will" ya koma "would", babu wani amma. Tun ranar in na yi gyara a allo sai in ji yara suna ƙus-ƙus wai bari Malam ya zo. Wallahi Anti har na fara tunanin in ce a canza min darasi ko in ajiye aikin. Ni ce ban iya ba, ko shi ne ya matsa da yawa? Kuma ta yaya zan tunkare shi ba tare da an ce na yi wa malamina rashin kunya ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da haƙuri, abin da ciwo kam, don malami ba shi da jarin da ya wuce yardar da yara suka yi da shi, in aka taɓa wannan a gabansu dole mutum ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ki ajiye maganar barin aiki tukuna, mu fara duba jimlolin nan ɗaya bayan ɗaya, saboda abin da za ki je ki faɗa wa Malam ya dogara ne a kan wa ke da gaskiya a ina. Kuma zan gaya miki tun yanzu, ba ke kika cinye duka ba, shi ma bai cinye duka ba. Ɗaya taki ce, ɗaya tashi ce, ɗaya kuma raba ta za ku yi.

Bari in fara da wadda ba za ki so ji ba, wato ta direba. A nan Malam ya fi ki hujja, kuma dalilin da ya sa jimlar yarinyar ta yi miki daɗi a kunne har kika ba ta maki ba wani abu ba ne illa Hausar da ke kanmu. Mu a Hausa in mutum ya ce zan zo, ko bayan shekara goma kike ba da labari cewa za ki yi ya ce zai zo. Wannan "za" ɗin ba ya motsi. In ta ce ina dafa abinci, sai ki ce ta ce tana dafa abinci, "na" ɗin yana nan daram, mai sauraro shi ne zai gane daga labarin cewa a can baya ne take girkin ba yanzu ba. Wakilin suna kawai muke juyawa, ni ya koma shi ko ita, aikatau kuwa mu bar shi yadda mai maganar ya furta. Turanci ba haka yake ba, shi yana auna lokacin aikatau ne daga inda mai ba da labarin yake tsaye yanzu, ba daga inda mai maganar farko ya tsaya ba. Shi ya sa kusan duk yaron da ya tashi da Hausa a baki, in kika bar shi da kunnensa, "he said he will" zai rubuta, kuma ba daƙiƙanci ba ne, tsarin harshensa ya ɗora wa Turancin.

To yanzu ki ɗauka direban nan ranar Litinin da safe ya yi maganar. Da yammar Litinin ɗin wani ya tambaye ki ina direba, goben da ya faɗa ba ta zo ba tukuna, alkawarin yana nan a gaba. A wannan halin in kika ce "He said he will come tomorrow" ba ki yi laifi ba, masu harshen ma suna faɗin haka, kuma in kika ce "He said he would come tomorrow" shi ma daidai ne. Amma a ce yau Alhamis, Talata ta zo ta wuce, direba ko ƙeyarsa ba a gani ba, kina ba da labari cikin ɓacin rai. Yanzu "will" ba shi da wurin zama ko kaɗan, don "will" gaba yake nunawa daga yau, zuwan kuwa ba a gaban yau yake ba. "Tomorrow" ma ya tashi daga Talata ya koma Juma'a, kin ga an canza wa direba magana ke nan. Abin da ya rage miki shi ne "He said he would come the next day" ko "the following day". Wannan na biyun ma ai mun san shi a Hausa, ba za ki ce ya ce zai zo gobe ba alhali goben ta wuce, cewa za ki yi ya ce zai zo washegari. Kalmar ranar muna juya ta, aikatau ne kawai ba ma taɓawa.

Matsalar ita ce a takardar tes babu Litinin babu Alhamis. An ba yaro jimla tsirararta an ce ya juya, kuma al'adar irin wannan tambaya a makarantu ita ce a ɗauka an daɗe da yin maganar, ana ruwaito ta a wani lokaci daban, a wani wuri daban. Abin da tambayar ke gwadawa ke nan, shin yaro ya iya mayar da "will" zuwa "would", ya mayar da "tomorrow" zuwa "the next day"? Yarinyarki ba ta yi ko ɗaya ba, "I" kawai ta mayar "he". In kika ba ta cikakken maki a nan, kin koya mata abin da zai iya kayar da ita a WAEC ko NECO, inda ba wanda zai zauna ya ji uzurinta na cewa ai ita a ranta goben ba ta zo ba. Don haka wannan ki sallama wa Malam da zuciya ɗaya.

Ta Abuja kuwa ki ɗaga kanki, yarinyar ba ta yi kuskure ba kuma ke ma ba ki yi ba. Ja da baya ba dole ba ne in abin da aka faɗa har yanzu haka yake a lokacin da ake ruwaitowa. Abuja ce babban birni ranar da malamin ya faɗa, ita ce kuma ranar da yarinyar ta ɗauki biro, to "is" ya zauna. Irin su ne "He said that the sun rises in the east" da "She told us that the earth goes round the sun", kuma littattafan nahawu na makaranta sun saba kawo wannan a matsayin togaciya a ƙarƙashin dokar, ga abin da yake gaskiya ne a kullum. Cewar da Malam ya yi babu wani amma, nan ne ya zarce.

Ga wani misali da zai fito miki da abin fili, kuma za ki iya kai shi aji. A ce wani malami a shekarar 1985 ya tsaya gaban allo ya ce "Lagos is the capital of Nigeria." Gaskiya ya faɗa a lokacin, don sai a watan Disamba na 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja. Wani tsohon ɗalibinsa yana ba da labari yau, ba shi da zaɓi, dole ya ce "Our teacher said that Lagos was the capital of Nigeria." In ya bar "is" ya zama yana nuna har gobe Legas ce, ko dai bai san an tashi ba. Jimla iri ɗaya, "said" iri ɗaya, amma a ta Legas ja da baya tilas ne, a ta Abuja ganin dama ne. Abin da ya raba su ba "said" ba ne, ko maganar tana nan da ranta yau ko ta wuce, shi ne.

Sai dai ki lura da wani abu kafin ki yi murna da yawa, don nan ne sababbin malamai ke zamewa su faɗa ɗaya ramin. "The teacher said that Abuja was the capital of Nigeria" shi ma Turanci ne lafiyayye. Wannan "was" ɗin ba yana nufin Abuja ta daina zama babban birni ba, bin sahun "said" kawai ya yi. Kamar yadda za ki haɗu da mutum ki ce "I didn't know you were a teacher" alhali har yanzu malamin ne, ba wanda zai ɗauka kina nufin an kore shi. Bayan irin su "thought" da "knew" ma ja da bayan shi ne ya fi zama a baki. To kin ga amsar da Malam yake so ba kuskure ba ce, kuskurensa kawai soke wadda ita ma daidai ce. Da wata yarinyar ta rubuta "was" a wannan tambayar, ita ma maki za ki ba ta. Akwai ɗan bambancin ɗanɗano dai tsakaninsu, wanda ya bar "is" kamar ya sa hannu ne a maganar yana cewa ni ma na yarda haka ne, wanda ya ce "was" kuwa ya isar da saƙo ne kawai bai ɗauki nauyi ba. Shi ya sa in mai ba da labarin bai yarda da maganar ba sam, ja da baya yake yi, "They believed that the earth was flat", ba za ki sa "is" a nan ba sai in kina cikinsu.

Ta waya ita ce mai ɗan sarƙaƙiya, don abu biyu ne a cikinta kuma hukuncinsu ba ɗaya ba. Akwai "lost" da ta bari ba ta mayar "had lost" ba, akwai kuma "yesterday" da ta bari. Shi "yesterday" hukuncinsa ɗaya da "tomorrow" na direba, a tambayar da ba a faɗi rana ba ana son "the day before" ko "the previous day", in ba haka ba jiyan ta zama jiyan mai ba da labari ba ta mai wayar ba. Wannan kuskure ne, a rage mata. Amma "lost" ɗin, gaskiya masu harshen sau da yawa ba sa wahalar da kansu da "had" in dai ma'ana a fili take. "She said she lost her phone" ba wanda zai rikice, kowa ya san ɓatan wayar ya riga maganar, ai ba ta yiwuwa ta ce ta ɓata kafin ta ɓata. Don haka a magana ta yau da kullum, har a jarida ma, za ki ga haka birjik.

To yaushe "had" yake zama dole? Lokacin da rashinsa zai haɗa magana biyu daban su zama ɗaya. Ɗauki mutum biyu. Na farko ya ce "I live in Zaria", wato can yake zaune. Na biyu ya ce "I lived in Zaria", wato ya taɓa zama amma ya tashi. In kika ja na farko baya zai ba ki "He said he lived in Zaria." In kuma kika bar na biyu ba ki ja shi ba, me zai ba ki? "He said he lived in Zaria." Kin ga sun zama jimla ɗaya sak, mai karatu kuma na farkon zai ɗauka, ya tafi Zariya neman mutumin da ya bar garin tuntuni. A nan "He said he had lived in Zaria" shi ne kaɗai zai tsare ma'anar na biyu. Haka "I am married" da "I was married", ki gwada su da kanki ki ga irin rigimar da barin "had been" zai iya haɗawa. Yawanci aikatau masu nuna hali ko zama, irin su "live" da "be" da "have" da "like", su ne ke da wannan haɗarin. Masu nuna abin da ya faru sau ɗaya ya wuce, kamar "lost" ko "broke" ko "arrived", ba su cika rikitarwa ba.

Ni da ni ce ke makin ɗin, rabin maki zan ba ta a wannan, in rubuta mata cikakkiyar amsar a gefe, "She said that she had lost her phone the day before", don a jarrabawa wannan ce amsar da ba mai iya sokewa. Ke kin yi sassauci da yawa, Malam ya yi tsanani da yawa.

Kafin mu koma kan yadda za ki yi da shi, ga wani gefen da dokar babu amma take yin ɓarna a hannun yara, kuma ina so ki riƙe shi don zai yi miki amfani a zancenku. Yaron da aka ce masa komai sai ya ja baya, in ya tarar da kalmar da ba ta da bayan da za ta ja, ƙirƙiro mata yake yi. "Would" da "could" da "should" da "might" da "ought to" ba sa motsi, haka aikatau da ya riga ya zo da "had". In likita ya ce "You should rest", rahoton shi ne "The doctor said I should rest", shi ke nan. Amma yaron da ya haddace dole sai an ja, zai rubuta "The doctor said I should have rested", ya mayar da shawara ta zama faɗa a kan abin da ba a yi ba. Haka "I would help if I had money" tana nan yadda take bayan "he said", in aka mayar da ita "would have helped if he had had money" an rufe ƙofar da mai maganar ya bari a buɗe. "Must" ma kala biyu ne, na tilas yana iya komawa "had to", amma na hasashe, kamar "He must be tired", a nan yake zama. Ki duba takardun tes ɗin nan da kyau, zai yi wuya ki rasa yaro ko ɗaya da ya yi irin wannan wuce gona da irin.

Yanzu Malam. Ina so ki yi masa adalci a zuciyarki ko da ranki a ɓace yake. Mutumin da ya daɗe yana makin takardun yara ya ga "he said he will" har ya gaji, ya san in ka buɗe wa aji mai yara da yawa ƙofar wani lokaci ana iya bari, to rabinsu ba za su sake ja da komai baya ba har su gama makaranta, kowa zai ce ai Anti ta ce ana iya bari. Sai ya zaɓi doka guda mai kaifi ɗaya, wadda in yaro ya bi ta ido rufe zai ci mafi yawan tambayoyin. Dabarar koyarwa ce, kuma tana da amfaninta, illa dai da daɗewa mutum yakan manta dabara ce ya ɗauke ta ita ce dukan nahawun. Wataƙila kuma har yanzu kallon yarinyar da ya koyar yake yi miki, bai gama sabawa da cewa abokiyar aiki ce a gabansa ba, shi ya sa bai ga komai ba don ya gyara ki a tsaye kamar da. Wannan bai wanke shi ba fa. Ko da duka ukun kin yi kuskure, sitaf rum ne wurin gyaran ba gaban yara ba, kuma kina da haƙƙin ki nemi kar a sake.

Abin da nake ba ki shawara, ki same shi shi kaɗai, ba a gaban sauran malamai ba kuma ba ta waya ba, lokacin da ba ya sauri. Ki gaishe shi yadda kika saba, sannan ki fara da inda yake da gaskiya, ki ce Malam na koma na duba, ta direban nan da "yesterday" ɗin nan lallai na yi sakaci, na gode da gyara. Da gaske kike faɗa ba dabara ba, tunda haka ne. In ya ji kin fara da wannan kunnensa zai buɗe. Sai ki kawo ta Abuja a matsayin tambaya, ki ce akwai wadda ta ɗaure min kai ina so a ƙara min haske, ki buɗe littafin da makarantarku take amfani da shi a babin nan, in togaciyar tana ciki ki nuna masa layin, in babu ki nemo wani littafin nahawu a laburare ko wurin wata malamar tun kafin ki je. Littafi ya fi waya tasiri a wurin dattijo, in kika miƙa masa waya yana iya cewa kowa ma rubutu yake a intanet. Ki kawo masa misalin Legas da Abuja ki ce yaya zan bayyana wa yara bambancin waɗannan biyun? Kin ba shi hanyar da zai gyara matsayinsa da bakinsa ba tare da ya ce na yi kuskure ba, kuma kar ki zauna jiran wannan kalmar, ba lallai ta fito ba, ba kuma ita kike nema ba.

Abu biyu kike nema. Na farko makin yarinyar, don ita ce aka manta da ita a rigimar nan, ta rubuta amsa daidai an soke mata a gaban ƙawayenta, a mayar mata da makinta na Abuja. Na biyu ki roƙe shi a hankali, Malam don Allah in an ga kuskurena a kira ni gefe, yaran nan sun fara raina gyarana. Ki faɗa sau ɗaya a taƙaice, ban da kuka ban da dogon ƙorafi. Sannan ki kawo shawarar cewa daga yanzu kafin kowane tes za ki riƙa kawo masa tambayoyin da amsoshin da za a karɓa ya duba, har da inda amsa biyu suka halatta. Wannan ya ba shi girmansa, ke kuma ya zame miki garkuwa, don ba zai soke abin da ya riga ya sa wa hannu ba.

Su kuma yaran, ba a dawo da kwarjini da bayanin wa ya yi daidai wa ya yi kuskure, kuma kar ki kuskura ki ce musu Malam bai sani ba, ko da wasa, zance zai koma masa kafin a tashi. Ki ware darasi guda ki sake ɗauko jimlolin ukun. Ki rubuta ta direba a allo, ki ja layi ki sa Litinin da Talata da Alhamis, ki tsayar da yaro ɗaya a Litinin da yamma ya ba da rahoto, wani a Alhamis shi ma ya bayar, su ji da kunnensu inda "will" ya daina aiki. Ki sa su faɗi jimlar da Hausa tukuna su ga "zai" bai motsa ba, sannan su faɗa da Turanci. Daga nan ki kawo Legas da Abuja. Ki bar musu tambaya biyu da za su riƙa yi wa kansu, shin kalmar rahoton ta wuce ce, wato "said" ko "told" ko "asked", ko kuwa "says" ce wadda ba ta jan komai? In ta wuce ce, shin abin da aka faɗa gaskiya ce ta kullum da ba ta canzawa? In ba haka ba, ko kuma suna shakka, su ja baya, don a jarrabawa ja da baya ya fi aminci nesa ba kusa ba. In kika ce musu a ta direba Malam ya yi daidai ga kuma dalili, ba ki rage komai ba, yara suna gane malamin da ya san dalilin doka. In ma Malam ya sauko sosai, ki gayyace shi ya zauna a darasin.

In kuma ya kafe ya ce shi dai a sashensa "was" ne, to kar ki mayar da abin yaƙi. Tunda "was" ɗin ba kuskure ba ne, ba ƙarya za ki koyar ba in kika ce wa yara a tes ɗin makaranta su ja baya, amma ki sanar da su cewa za su ga "is" a littattafai da tambayoyin zaɓi na jarrabawar waje kuma daidai ne, kar su tsorata. Ke kuma da kike tsara tambayoyi, ki daina sa irin ta Abuja a inda za a yi gardama, ko ki riƙa ƙara wa tambaya lokaci, misali ki rubuta a sama cewa ana ba da rahoton ne bayan mako guda, sai amsa ta zama guda ɗaya tilo. Maganar kai ƙara wurin firinsifal ki ajiye ta, ba a kan "is" da "was" ake kai dattijo ƙara ba. Sai fa in ya sake shigowa aji ya yi miki irin wannan bayan kin roƙe shi, a nan kam ki nemi wata babbar malama da yake jin nauyinta ta yi masa magana tukuna, in hakan bai yi ba sannan ki je ofis, kuma abin da za ki kai shi ne yadda ake gyara ki a gaban ɗalibai, ba nahawu ba.

Ita yarinyar ki kira ta gefe tun kafin ki ga Malam, ki nuna mata wacce ta ci, wacce ta faɗi da dalilin kowacce, ki ba ta sababbin jimloli biyar masu "will" da "can" da "may" ta juya ta kawo miki washegari. Allah ya ba da sa'a ƙanwata, ki rubuto min yadda kuka ƙare da Malam.